Idan Babban Mai Jawabi Ba Zai Samu Halartar Taro Ba

Kafin ranar babban taro a jami'a ko na wata ƙungiya, kwamitin shirye-shirye ya riga ya kashe kuɗi da sunan babban mai jawabi. An sayi tikitin jirgi, an kama ɗaki a otal, an buga sunansa a katin gayyata da littafin jadawali. Shi ya sa idan uzuri ya taso masa, abin da ya fi cutar da masu taro shi ne jinkirin sanar da su. Rashin lafiya da rasuwa da makalewar biza ba a hannun kowa suke ba, amma lokacin faɗa yana hannun mai uzuri.

A ɗauka wata farfesa a fannin lafiya ta karɓi gayyatar yin jawabin buɗe taro a Kano kan zazzaɓin cizon sauro, an ware mata minti 40. Saura kwana 10, likita ya hana ta tafiya. Matakin farko shi ne a kira shugaban kwamitin a waya a ranar, ko ita da kanta ko sakatarenta. Saƙo kan kwana ba a buɗe ba, kuma babba ya cancanci ya ji uzuri da baki. Bayan kiran sai rubutacciyar wasiƙa ta biyo, domin ita ce zai nuna wa sauran 'yan kwamiti.

Wasiƙar ba ta bukatar tsawo. Bayan sallama, sai ta tafi kai tsaye: “Ranka ya daɗe, ina mai ba da haƙuri cewa ba zan samu halartar taron ranar Laraba ba saboda dalilin lafiya. Ga hanyoyi biyu, kwamiti ya zaɓi wadda ta dace.” Kada a rubuta “wataƙila” ko “za mu gani” alhali an san ba za a zo ba, domin hakan yana ɗaure hannun masu taro, su kasa neman mafita. A kuma ambaci batun tikiti da duk kuɗin da aka riga aka turo, a nemi yadda za a mayar.

Hanya ta farko ita ce wakili. A nan ake yawan kuskure, sai a ba da sunan mutum ba a tuntuɓe shi ba. Farfesa za ta fara tambayar abokin aikinta ko yana da sarari a ranar, kuma ko ya yarda a ambace shi, tare da fayyace masa cewa hukunci na kwamiti ne. Sannan ta aika sunansa da muƙaminsa da taƙaitaccen tarihin aikinsa. Ta kuma bayyana ko takardarta zai karanta ko tasa zai gabatar. Bambancin yana da girma: wanda ya karanta takardar wani ba lallai ya iya amsa tambayoyi a kanta ba, sai dai idan tare suka yi binciken.

Hanya ta biyu ita ce jawabin bidiyo. Mutane sun fi saurin gajiya da kallon allo fiye da sauraron mai magana a gabansu, don haka cikin minti 40 ɗin, bidiyon ya tsaya a 20 ko 25, sauran a bar wa tambayoyi ta waya ko ta Zoom. A ɗauka a ɗakin da babu ƙarar janareta ko fanka, wayar tana kwance a gicciye, haske yana fuskantar mai magana. Sauti ya fi hoto muhimmanci, domin jama'a za su jure hoto mai dishi-dishi, amma ba za su jure muryar da ba a ji ba.

Turawa ma tana da tarko. WhatsApp yana matse bidiyo har rubutun da ke ciki ya daina karantuwa, sai dai a tura shi ta `Document`, ko a ɗora a Google Drive. A aika shi a tsarin MP4 aƙalla kwana uku kafin taro, masu shirye-shirye su sauke shi a kwamfuta, su gwada da lasifikar zauren. Dogaro da intanet a ranar taro ganganci ne.

Wace hanya ta fi? Idan taron na muhawara ne, wakili ya fi, tunda ana iya ja da shi. Idan kuwa sakamakon binciken farfesar aka zo ji, bidiyonta ya fi, wakili ya tsaya kan tambayoyi. Alkawari kaya ne, kuma wanda ya kasa kai shi da kansa, wajibi ne ya faɗa da wuri, ya kuma kawo mafita a hannu.