Ciwon saifa: wane irin bincike ya dace?

Ciwon saifa ba kullum yake ɓulla ba, amma idan ya kama saniya yakan kashe ta cikin kwana ɗaya ko biyu. Ta yaya ƙungiya za ta gano inda bisashe suke ɗaukarsa?

Idan malaman dabbobi suka zagaya garake sau ɗaya suna ƙirga marasa lafiya, da wuya su tarar da ko guda, domin waɗanda suka kamu sun riga sun mutu. Irin wannan zagaye ya fi dacewa da bakkale, mai daɗewa a jiki.

Bin lafiyayyun shanu ana jiran ciwon kuwa zai ci shekaru da kuɗi, sai fa idan garken ya yi kiwo inda aka taɓa binne mushen saifa.

Mafi dacewa shi ne a fara daga inda aka yi asara. A misali, a ɗauki garake 20 da suka kamu da maƙwabtansu 40 da suka tsira, a tambayi kowa mashayarsa. Idan 15 cikin 20 sun sha wani tabki, amma 10 kacal cikin 40, to tabkin abin zargi ne.

Sai dai wanda ya yi asara ya fi tuna inda ya bi. Shi ya sa rubuta ranar rigakafi da mashaya yake da amfani.