Sau nawa aiki zai faɗi kafin a tashi mai gida?

Aikin adana bayanai da aka tsara ya gudana kowane dare kan faɗi saboda katsewar intanet, gobe ya gyaru da kansa. Shi ya sa masu kula da manyan kwamfutoci ba sa tayar da kowa a faɗuwar farko. A rubuta a rajista kawai. A Nagios, `max_check_attempts` ke ƙayyade yawan gwaji kafin a ɗauki matsalar da gaske. Daga nan saƙo ya tafi ga mai jiran aiki. In bai amsa ba, a sake tura masa, sannan `serviceescalation` ya kai maganar gaban shugaban sashe.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne aikin da bai ma tashi ba. Babu faɗuwar da za a ƙirga, don haka babu wanda zai ji labari. Dole a sa wani mai sa ido na daban da zai yi ƙara idan saƙon nasara bai iso kan lokaci ba.