Abin da Ruwan Farko Ke Tonawa a Tayar Babur

Babur da mai tuƙa shi da wanda aka goya, duk nauyinsu a kan wurare biyu ƙanana yake zaune, inda roba ta taɓa kwalta. A ƙaramin babur irin Boxer ko Jincheng, kowanne daga cikin wuraren nan bai kai tafin hannu ba. Ta nan birki ke kamawa, ta nan ake shan kwana. Da rani, lokacin da kwalta ta bushe ƙamas, ko suɗaɗɗiyar taya tana samun abin riƙewa, shi ya sa mutum zai yi wata shida a kan lalatacciyar taya bai san halin da yake ciki ba. Ruwan sama ne ke tona mata asiri, musamman ruwan farko, wanda ke tarar da ƙurar hunturu da baƙin mai da garin roba sun kwanta a kan hanya, ya dama su su zama kamar kunu. Sai an yi ruwa mai ƙarfi ya wanke hanyar kafin santsin ya ragu.

Mu ɗauki babur guda mu bi shi daki-daki. Boxer ne na ɗan acaɓa, ya yi rani yana jigila daga tasha zuwa kasuwa, sau da yawa da goyon mutum biyu ko buhun masara. Kullum ya tsaya wajen mai faci sai ya ce a cika masa ta baya sosai saboda kaya, mai faci kuma ya danna ta da babban yatsa ko ya ƙwanƙwasa da ƙarfe ya ce ta yi. Da za a sa geji, ba mamaki a ga 45 psi. Abin da kamfanin ya rubuta wa babura irin wannan kuwa bai wuce kimanin 25 a gaba ba, 28 a baya idan mutum shi kaɗai ne, 32 idan da goyo. Ana samun adadin kowane babur a littafinsa, wani lokaci kuma a wata 'yar takarda da aka manna kusa da murfin sarƙa. Lambar da ke jikin tayar kanta ba ita ba ce, waccan iyakar abin da tayar za ta iya ɗauka ce.

Taya mai iska fiye da kima takan yi tauri, wurin da take taɓa ƙasa ya ƙara tsukewa. Ba ta lanƙwasa ta shige cikin kaushin kwalta, kuma da ta hau ɗan gargada sai ta yi tsalle. Duk lokacin da ta ɗaga, komai ƙanƙantarsa, babu riƙo. A busasshiyar hanya mai babur zai ji jijjiga ne kawai. A jiƙaƙƙiya, yana taka birki ta baya za ta kulle ta yi gefe.

Wannan ne ya sa wasu ke rage iska da zarar hadari ya haɗo, suna cewa taya za ta fi shimfiɗuwa ta kama ƙasa. Dabarar tana da asali, domin a cikin yashi da taɓo tana aiki. A kan kwalta kuwa ni ban yarda da ita ba, kuma masu ƙera tayoyi ma ba sa ba da wannan shawara. Ramukan nan da aka zana a jikin taya magudanai ne, aikinsu su kwashe ruwan da ke ƙarƙashinta su watsar gefe domin roba ta samu ta taɓa dutsen kwalta. Idan iska ta yi ƙaranci, tayar takan baje, bakin ramukan ya matse, ruwa ya rasa hanyar fita. Ga kan babur ya yi nauyi, sai an yi kokawa da shi kafin ya shiga kwana, bayansa kuma yana rawa kamar an kwance wani ƙusa. A taya mai tif akwai ƙarin haɗari: tif ɗin na iya matsewa tsakanin wili da bakin rami ya fashe, ko taya ta zame a kan wili ta tsinke bawul. Iskar da kamfani ya faɗa ita ce ta rani, ita ce ta damina.

Awon kansa yana da lokaci. Da safe ake yi, kafin a hau, ko bayan babur ya huta kamar awa biyu zuwa uku. Tafiya na ɗumama iskar ciki ta ƙaru da ɗan psi biyu zuwa huɗu, saboda haka wanda ya auna bayan doguwar tafiya ya ga 35 ya sace iska har ta dawo 32, gobe da safe zai tarar da ita ƙasa da yadda ya kamata. Ƙaramin geji na aljihu ya wadatar, sau ɗaya a mako.

Mu koma ga Boxer ɗinmu, mu tsuguna a bayansa mu dubi tayar daga baya. Sabuwar tayar babur a zagaye take kamar bayan ƙwarya, ba shimfiɗaɗɗiya kamar ta mota ba, domin babur kwanciya yake yi ya sha kwana, wurin taɓa ƙasa yana gangarawa a hankali daga tsakiya zuwa kafaɗa. Amma wannan ta sha miƙaƙƙiyar hanya da kaya da iska mai yawa, tsakiyarta ta cinye ta zama fili, ramukan tsakiya sun kusa shafewa, na gefe kuwa suna nan da zurfinsu kamar ba a taɓa su ba. Wanda ya leƙa daga gefe zai rantse taya na da sauran rai. Tsakanin filin da kafaɗa kuwa wani tudu ya fito, kana shafawa da hannu za ka ji shi.

A nan ne nake ganin mafi yawan masu babur ba su gane abin da ke kayar da su ba. Idan aka zo shataletale, babur mai irin wannan taya yakan fara ƙin kwanciya, domin yana zaune a kan fili. Mai tuƙi ya ƙara dannawa, sai babur ya hau tudun nan, a daidai wannan lokacin kuma robar da ke taɓa ƙasa ta koma siririn layi. Daga nan sai ya faɗa cikin kwanar gaba ɗaya, fiye da yadda aka nufa. A bushe, tsoro kawai za a ji a wuce. A jiƙe, lokacin da aka fi bukatar riƙo shi ne lokacin da ya fi ƙaranci, mutum ya tsinci kansa a ƙasa yana cewa bai san abin da ya faru ba, alhali ba gudu yake yi ba.

Tayar gaba nata ciwon daban ne. Yawan birki da ƙarancin iska sukan sa ta ci tudu da kwari a gefe, sai a ji kan babur na karkarwa a kwana. Ita ce kuma ba a wasa da ita, domin idan ta baya ta zame akan iya ceto babur, idan ta gaba ta tafi da wuya a samu ko damar sa ƙafa.

Akwai alamar da masu ƙera taya suka sa domin kada a yi ta musu. A kafaɗar taya za a ga ɗan ƙaramin alwatika ko haruffan TWI. A bi saitinsu zuwa cikin ramin, akwai ɗan tudu a ƙasansa, tsayinsa bai cika milimita ɗaya ba. Ranar da fuskar taya ta yi daidai da shi, ko da a wuri ɗaya ne, ta gama aiki. A Birtaniya doka ta hana hawa babur da zurfin zanensa bai kai milimita 1 ba. Ni dai da damina ba na son ganin taya ta kusanci nan, domin magudanar da ta cike rabi ba ta kwashe ruwa kamar mai zurfi. A duba kuma kibiyar da ke jikin tayoyi da yawa, wadda ke nuna inda za su riƙa juyawa. Mai faci na iya mayar da ita a juye bayan faci ba tare da ya lura ba.

Saura shekaru, abin da ido ba ya saurin gani. Roba na tsufa ko ana hawa ko ba a hawa. Zafi da rana da iska suna busar da ita ta yi tauri, tauraren roba kuma ba ya manne wa jiƙaƙƙiyar kwalta ko da zanensa na nan cif. A ƙasa mai zafi irin tamu, tayar da aka jera a bakin shago rana na dukanta tana cin shekarunta tun ba a saye ta ba. A gefen yawancin tayoyi akwai lambobi huɗu a cikin wani ɗan zagaye, galibi a ƙarshen layin da ya fara da DOT. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Idan ta Boxer ɗinmu ta nuna 3118, an yi ta a mako na 31 na shekarar 2018. Kamfanin Michelin na ba da shawarar a riƙa kai wa masani taya ya duba duk shekara da zarar ta yi shekara biyar a aiki, kada kuma ta wuce goma daga ranar da aka yi ta. Hukumar kiyaye haɗurra ta Najeriya ta fi tsanantawa, shekara huɗu take gaya wa direbobi. Ban da lamba, a danna farce a jikin robar: mai rai takan lotsa ta dawo, tsohuwa kamar busasshiyar fata take, sau da yawa da ƙananan tsage-tsage a gindin ramuka da gefe. Sabuwa fil ma tana da nata santsin, sai an lallaɓa ta kilomita ɗari da wani abu kafin fuskarta ta yi kaushi.

To, yaya duk wannan ke fitowa a wajen birki? A lissafi, babur mai gudun kilomita 50 a awa, da lafiyayyun tayoyi a busasshiyar kwalta, zai iya tsayawa cikin kamar mita 12 daga lokacin da birki ya kama. A jiƙe yakan kai wajen mita 20. Idan riƙon ya ƙara faɗuwa saboda tsufa da suɗewa da santsin ruwan farko, sai a tashi sama da mita 30. Idan gudu ya ninka kuwa, nisan sau huɗu yake ninkawa.

Riƙon da taya ke da shi kamar kuɗin cefane ne, abin da kwana ta ci birki ba zai samu ba. Shi ya sa ake gama rage gudu tun babur na miƙe, sannan a shiga kwanar a hankali, a kauce wa farin fentin hanya da murfin ƙarfe da duk inda mai ya yi bakan gizo a kan ruwa. Da yawa daga cikinmu birkin ƙafa kaɗai muka sani, muna tsoron na hannu. Amma da an fara tsayawa nauyi gaba yake komawa, tayar baya ta yi sakayau ta kulle da wuri. Na gaba shi ne mai ƙarfin tsayarwa, sai dai ba a fizgarsa. Ana fara matsa shi kaɗan har a ji gaban babur ya nutse, nauyi ya danne tayar ta baje a kan kwalta, sannan a ƙara matsawa, ana taimakawa da na ƙafa sama-sama. Tayar gaba da aka cika wa iska ta yi tauri, ko wadda shekaru suka busar, ba ta bajewa haka, tun a matsawar farko take iya zamewa.

Boxer ɗinmu, kafin ya sake fita cikin ruwa, tayar baya canji take bukata, domin daidaita iska ba ya mayar da zagayen da ya cinye. Ta gaba a karanta lambobinta huɗu, a danna mata farce, idan ta tsira a mayar da ita 25 da safe tun tana sanyi.