Allurar dabba: kwana nawa za a jira kafin a sha nono ko a ci nama?

A kasuwannin dabbobi na Maradi, Damagaram da Tahoua, kwalbar maganin oksitetarasikilin ba ta wuyar samu. Makiyaya da masu turka suna yi wa dabba allurarsa idan ta kama zazzaɓi ko tari. Abin da galibi ba a karantawa shi ne wani ɗan rubutu a jikin kwalbar, wanda a Faransanci ake cewa "temps d'attente", wato kwanakin jira.

Maganin da ke kashe ƙwayoyin cuta ba ya barin jikin dabba ranar da ta warke. Yana bin jini, ya taru a ƙoda da hanta da wurin da aka soka allura, wani kuma ya fita ta nono. Wannan saura shi ake kira ragowar magani. Kwanakin jira su ne lokacin da jiki ke bukata don ragowar ta sauka ƙasa da iyakar da aka amince mutum ya ci.

A ɗauki misalin rago mai kilo 40. Allura mai dogon aiki yawanci mililita 1 ce ga kowane kilo 10, wato mililita 4. Idan kwalbar ta ce a jira kwana 28, aka kuma yi allurar saura kwana 10 Sallar Layya, to ranar yanka akwai sauran kwana 18. Ana fara ƙirga ne daga allurar ƙarshe, don haka idan an maimaita, lissafi ya koma farko. Idan kuma an zarce awo, kwanakin da ke kwalbar ba za su isa ba. Adadin yakan bambanta daga kamfani zuwa kamfani, kuma na nono dabam yake da na nama. Wasu magungunan ma an hana a yi wa dabbar da ake tatsa.

Ga makiyayi, wannan asara ce ta zahiri: sai an ci gaba da tatsar saniya, amma nonon ba na sha ba ne, ba na sayarwa ba. Tafasawa ba ta kawar da maganin duka. Mai hankoron kauce wa asarar yakan gamu da wata, domin ragowar tana kashe ƙwayoyin da ke sa nono ya yi tsami, sai kindirmo ya ƙi kamawa.

Ga mai saye, haɗarin iri biyu ne. Wanda jikinsa ba ya jituwa da fenisilin na iya samun ƙaiƙayi ko kumburi. Sannan shan maganin kaɗan-kaɗan na taimaka wa ƙwayoyin cuta su saba da shi, har ya daina ci ranar da aka kwanta asibiti.

Ido ba ya gane ragowar, sai gwaji. Tsoka mai tauri da launin rawaya a wuya ko cinya alamar allura ce, amma yanke wurin bai tsarkake sauran naman ba. Kafin a biya kuɗin rago, a tambayi mai shi ranar da ya yi masa allurar ƙarshe.