Lissafin Agogo da Lambar Ƙarshe a Jikin Kaya

Mota ta tashi ƙarfe 9 na safe, tafiyar kuma ta awa 5 ce. Ko yaro ka tambaya zai ce ƙarfe 2 za ta isa, alhali 9 da 5 14 ne. Abin da ya yi shi ne ya zubar da zagaye guda na 12, ya riƙe ragowar. Haka kwanakin mako suke, sai dai zagayensu 7 ne. Idan yau Juma'a, kwana 100 nan gaba mako 14 ne da ragowar kwana 2, wato Lahadi. Carl Friedrich Gauss, masanin lissafi Bajamushe, shi ya tsara wannan lissafin ragowa a littafinsa na 1801, kuma ana rubuta shi haka: 14 ≡ 2 (mod 12).

Yanzu ɗauki kwalin sabulu ko gwangwanin madara. Ƙarƙashin baƙaƙen layukan nan da ake haskawa a kanti, galibi za ka ga lambobi 13. Sha biyun farko su ne shaidar kayan, ta ƙarshen kuwa mai gadi ce, kuma da agogo mai zagayen 10 ake samo ta.

Mu gwada da 615123456789, lambar da na ƙirƙira don misali, ko da yake 615 ɗin shi ne mafarin lambobin da ake yi wa rajista a Nijeriya. Haɗa ta ɗaya, ta uku, ta biyar, har ta sha ɗaya: 6+5+2+4+6+8 = 31. Haɗa sauran shidan, ka sami 26, ka ninka sau 3, ya zama 78. Jimla 109. Saura nawa ta cika 110, inda agogon ke komawa sifili? Saura 1. To, ita ce mai gadin: 6151234567891.

A ce mai kanti ya buga 4 a maimakon 7. Gibin 3 ne, an ninka shi sau 3, jimla ta faɗo 101. Ba ta ƙare da sifili ba, sai na'ura ta ƙi karɓa. Abin da ya fi burge ni shi ne zaɓen 3 ɗin nan. Ninka 3 da kowace lamba daga 1 zuwa 9, ba za ka taɓa samun amsar da ta ƙare da sifili ba, don haka kuskuren lamba guda ba shi da maɓoya. Da 2 aka zaɓa, gibin 5 zai ba da 10, zagaye cur, ya wuce ba a gani ba.

Amma mai gadin yana da rauni. Idan aka juya lambobi biyu maƙwabta, jimla kan sauya da ninkin gibinsu sau biyu. Juya 61 na farkon lambarmu ya koma 16: da 6+3 ne, wato 9, yanzu 1+18, wato 19. Jimla ta zama 120, na'ura ta karɓa salin-alin. Duk maƙwabtan da gibinsu 5 ne, irin su 27 da 72, haka suke sulalewa. Tsohuwar lambar littattafai mai guda 10 tana kama wannan kuskure, domin zagayenta 11 ne, shi ya sa wani lokaci take ƙarewa da X a madadin 10.

Kada kuma ka ɗauka lambar tana tona jabu, domin mai jabu kwafe ta yake yi dungurungum. Idan magani ka saya, duba lambar NAFDAC da ranar lalacewarsa.