Mai Cike Fom a Shagon Intanet

Da zarar hukumar JAMB ta fara sayar da fom, kasuwar masu cike fom ta buɗe. Aikin kashi biyu ne. Rajistar jarrabawar UTME ba a yin ta sai a cibiyar da hukumar ta amince da ita, domin a can ake ɗaukar hoton yatsu goma. Fom ɗin tantancewa da kowace jami'a ke fitarwa daga baya kuwa, wannan abincin shagunan intanet ne na bakin titi. A ko'ina dai mutum ɗaya ne ke zaune gaban kwamfuta, kuma a ganina ba saurin yatsunsa ake saya ba, idonsa ake saya.

Wanda ya san aikin ba ya taɓa madannai sai ya ga takardu. Tun daga 2021 ba a rajista sai da lambar NIN mai alƙaluma 11. Ɗalibi zai tura ta daga layinsa zuwa 55019 ko 66019, a aiko masa da lambar da zai sayi fom da ita, suna da ranar haihuwa kuma su taho kai tsaye daga rumbun hukumar NIMC. To, a nan ake fara gane gwani. Zai ɗora takardar NIN kusa da sakamakon sakandare ya bi su harafi bayan harafi. In can an rubuta Muhammad, nan kuma Mohammed, zai ce a je a gyara tukuna, ko da uban yaron yana tsaye yana cewa ai duk suna ɗaya ne.

Inda aikin ya fi cin rai shi ne shigar da sakamako. Lambar jarrabawar WAEC alƙaluma 10 ce: bakwai na farko lambar cibiya, ukun ƙarshe lambar ɗalibi. Ma'ana, duk 'yan makaranta ɗaya sun yi tarayya a bakwai ɗin. In hannu ya goce aka buga 021 a maimakon 012, wata kwamfutar ba za ta ce uffan ba, tunda adadin alƙaluma ya cika, alhali an nuna sakamakon wani ɗan ajin. Shi ya sa gwani ba ya karɓar lamba da ka. Daga takarda yake kwafa, sannan ya juya allon ya ce, "Ƙanwata, karanta min da ƙarfi, ni ina bin takarda."

A ce yarinya tana son karatun likita. Ta yi WAEC a 2023, ta ci komai sai Kemistiri da ta samu D7, wanda ba kiredit ba ne, don kiredit a C6 ya tsaya. A 2024 ta zauna NECO ta samu C5 a darasin. Mai gaggawa zai jera darussan duka ƙarƙashin lambar WAEC, ya cusa C5 a gurbin D7. Fom zai wuce lafiya lau. Sai ranar tantancewa, in aka duba lambar nan a wurin WAEC aka ga D7, abin ya koma kamar ƙirƙirar sakamako, gurbin karatun kuma yana iya salwanta. Daidai shi ne a zaɓi zama biyu, kowanne da hukumarsa da shekararsa da lambarsa, da kuma bayanin ko ta makaranta aka yi ko ta masu zaman kansu.

Zama biyun nan kuma yana taɓa zaɓin kwas. Yawancin kwasa-kwasai suna karɓar kiredit biyar, har da Turanci da Lissafi, a zama ɗaya ko biyu, amma jami'o'i da dama ba sa ba da likitanci sai ga mai zama ɗaya. Nan mai cike fom zai buɗe kundin sharuɗɗan JAMB ya duba abin da jami'ar ta gindaya. In ƙofar a rufe take, zai faɗa wa yarinyar gaskiya: ko ta nemi jami'ar da ke karɓar zama biyu, ko ta koma kwas irin kimiyyar ƙananan halittu. Darussa huɗun da za ta rubuta, wato Turanci, Fizis, Kemistiri da Bayoloji, sai ya sake duba su a kan sabon kwas ɗin, don maki ko ya kusa 400 ba ya gyara haɗin da bai dace ba.

Akwai halin da ba na yafe wa wasu masu shago: sa lambar wayarsu ko imel ɗinsu a madadin na ɗalibi, wai don sauƙi. Tun 2017 ta manhajar CAPS ake ba da gurbi, kuma ɗalibi ne zai shiga ya karɓa. Wanda mabuɗinsa ke hannun mai shago sai ya yi ta zarya. Haka wanda ya cike da Awaiting Result saboda sakamako bai fito ba, dole ya koma cibiya a ɗora masa bayan ya fito, in ba haka ba ba za a ba shi gurbi ba.

Kafin a danna turawa, mai gaskiya yakan buga takardar gwaji ya miƙa wa ɗalibi da biro ya duba, saboda gyaran kwas ko jami'a bayan an tura sai an sake biyan kuɗi.