Tsamin jiki bayan motsa jiki: me tausa za ta iya fitarwa?

A wuraren ɗaga ƙarfe da filayen ƙwallo za ka ji ana cewa wani sinadari, wai shi laktik asid, ne yake taruwa a tsoka, don haka sai an murza jiki da ƙarfi ya fita. Maganar nan ba ta da tushe. Sinadarin yana ƙaruwa lokacin da kake haki, amma cikin kamar awa guda bayan ka tsaya jini ya kwashe shi. Shi kuwa tsamin jiki sai bayan awa 12 zuwa 24 yake sallama, ya yi tsanani tsakanin awa 24 da 72, ya lafa cikin mako. Abin da ya tafi tun jiya ba shi ke hana ka ruku'u yau ba.

Ɗauki wanda ya daɗe bai motsa ba, ranar Asabar ya hau Dutsen Dala sau uku. Hawan ne ya sa shi haki, amma saukowar ce za ta kama masa cinya ranar Litinin. Wajen saukowa tsokar gaban cinya tana miƙewa alhali tana riƙe da nauyin jiki, kamar igiyar da ake zura cikakken guga da ita a hankali. Wannan kan jawo 'yan ƙananan raunuka a zaren tsoka, kumburi ya biyo baya, jijiyoyin wurin su ƙara saurin jin zafi. Idan ya koma bayan mako biyu, tsamin ba zai kai na farko ba, domin tsokar ta saba.

Tausa tana rage zafin, wannan gaskiya ne, sai dai kaɗan, kuma ba ta dawo da ƙarfin tsokar nan take. A yi ta da sassauci. Murza mai sa mutum cije leɓe ƙarin wahala ce kawai. Ƙwai, wake, kifi da nono suna ba jiki kayan gyara, amma ba sa ɗauke ciwon gobe. Hutun ma ba kwanciya wuni guda ba ne: tafiya a hankali da isasshen barci sun fi.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙwayoyin "maganin gajiya" da ake ƙulla wa matasa a leda, babu mai tambayar me ke ciki, hukuma kuma tana kallo. Irin su ibufurofen da diklofenak, a jikin da ya sha zufa bai sha ruwa ba, suna iya taɓa ƙoda. Idan kuwa fitsari ya koma kalar baƙin shayi, ga kumburi mai yawa da kasala, alamar tsoka ce ta lalace har abin da ke cikinta ya shiga jini. Wannan ya wuce mai tausa, a tafi asibiti a ranar.